Zafi Mai Laima: Dalilin da Ya Sa Yalwatacciyar Rigar Auduga Ta Fi Matsattsiyar Rigar Roba

Duk ɗan Arewan da ya taɓa sauka Legas, ko Fatakwal, ko Akara a watan Maris ya san zafi iri biyu ne. Na Kano da Sakkwato da Damagaram mai ƙuna ne: ma'auni yakan haura digiri 40, amma in ka samu inuwar darbejiya ka zauna, nan da nan gumi zai bushe, ya bar maka farin gishiri a wuyan riga. Na bakin teku kuwa da kyar ma'auni ke wuce digiri 33, amma jiki sai danƙo, riga ta manne a gadon baya, ka fito daga wanka kana goge jiki kana sake jiƙewa. Mu ma a Arewa muna ɗanɗana irinsa, a ƙarshen bazara lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa ba a yi ruwa ba, da kuma bayan ɗaukewar damina kafin iskar hunturu ta kaɗo.

A irin wannan yanayi ne bambancin tufafi ke fitowa fili. Dattijo mai 'yar shara ta farin boyel yana zaune yana harkarsa, saurayi mai matsattsiyar jesin ƙwallo yana gefensa yana fifita da kwali, yana ɗaga rigar daga ƙirji da yatsu biyu yana hura iska ciki. Wannan ɗagawar da yake yi ba tare da tunani ba, ita ce kusan dukan bayanin da ke tafe. Riga ba ta sanyaya mutum. Gumi ne ke sanyaya shi, ita riga ko dai ta ba gumin hanya ya tashi, ko ta tare shi.

Yadda jiki ke zubar da zafi

Jikin ɗan Adam ba ya daina samar da zafi, ko barci yake yi. Babban mutum da ke zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. In ya tashi yana aikin ƙarfi, abin yakan ninka sau uku, sau huɗu, ko fiye. Ga shi kuma dole cikin jiki ya tsaya kusa da digiri 37. Don haka duk zafin da aka samar sai an zubar da shi waje, kuma ta fata mafi yawansa ke fita.

Idan gari da sanyi, abin ba wuya. Fata tana tsakanin digiri 33 zuwa 35, iskar da ke kewaye da ita ba ta kai haka ba, sai zafi ya riƙa tsiyaya daga jiki zuwa iska da bango da ƙasa. Amma da zarar iska ta matso kusa da ɗumin fata, wannan hanya ta kusa toshewa, in ta wuce shi ma sai zafin ya juyo yana shiga jiki. Abin da ya rage shi ne gumi. Kafin ruwa ya zama tururi ya bi iska, sai ya ci zafi mai yawa, kuma daga fata yake cin sa. Lita ɗaya ta gumi, in ta bushe a jikin mutum, tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400.

A lura da sharaɗin: in ta bushe. Gumin da ya gangaro ta haɓa ya ɗiga ƙasa, ko wanda aka share da hankici, ko wanda ya taru a ƙugun wando, bai sanyaya kowa ba. Asarar ruwa da gishiri kawai aka yi. Shi ya sa za ka ga mutum ya jiƙe sharkaf amma yana kukan zafi, wani kuma fatarsa kamar ba ya gumi alhali shi ne ke hucewa, domin nasa yana tashi tun kafin ya taru.

Abin da laima ke yi

Iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka, kuma iyakar tana ƙaruwa da zafinta. Iskar da ke manne da jiƙaƙƙiyar fata mai digiri 35 cike take taf, tana ɗauke da kusan giram 40 na ruwa a kowace kubik mita. Saurin bushewar gumi ya dogara ne da ratar da ke tsakanin wannan adadi da abin da iskar gari ke ɗauke da shi.

Ɗauki wata ranar bazara a Kano, ma'auni na nuna digiri 38, laima kashi 15 cikin ɗari. Wannan iska ba ta ɗauke da fiye da giram 7 a kubik mita. Ratar ta kai giram 33, saboda haka iskar a ƙishirce take, tana lashe gumi da zarar ya tsatso. Sai kuma wata rana a Legas, digiri 32, laima kashi 75 cikin ɗari. Ita wannan iskar ta riga ta ɗauki kimanin giram 25, ratar ta koma 15 kacal. Ke nan ko da Legas ta fi Kano sauƙi a ma'auni da digiri shida, ƙarfin da iskarta ke da shi na busar da gumi bai kai rabin na Kano ba. Matan gida sun san wannan tun kafin a rubuta shi da lambobi: wankin da ke bushewa kafin azahar a watan Maris, a watan Agusta yakan kwana a kan igiya da ɗanyensa.

To, idan ƙishirwar iska ta ragu haka, dabara ɗaya ce ta rage, wato a yawaita iskar da ke wucewa ta kan fata. Wadda ta taɓa jiki ta ƙoshi ta matsa, sabuwa ta zo ta ɗauki ɗan abin da za ta iya. A zafi mai laima, motsin iska shi ne komai. A nan ne maganar ɗinki ta shigo, kuma ina ganin ta fi maganar zare muhimmanci, duk da cewa a kasuwa zaren aka fi tambaya.

Ɗakin da ke tsakanin fata da yadi

Tsakanin fatar mutum da rigarsa akwai wani ɗan sarari mai yanayin kansa, mai nasa zafin da tasa laimar. Mutum ba yanayin gari yake ji ba, yanayin wannan sarari yake ji. Idan iskar ciki tana sauyawa, laimarta za ta tsaya kusa da ta waje, gumi ya ci gaba da tashi. Idan ta tsaya cik, cikin ɗan lokaci za ta cika da tururi, ratar nan ta giram 15 ta koma kusan babu, daga nan duk gumin da ya fito sai dai ya kwanta.

Yalwatacciyar riga tana sauya wannan iska ta hanya biyu. Ta farko ita ce motsi. Duk takun da mai jamfa ko babbar riga ya yi, duk ɗaga hannu, duk sunkuyo, yadin yana matsowa jiki yana ja da baya, kamar zugazugin maƙeri. Matsowarsa tana tura jiƙaƙƙiyar iska waje ta wuya da hannu da tsagar gefe, ja da bayansa yana zuƙo sabuwa. Ta biyu tana aiki ko mutum a tsaye yake bai motsa ba: iskar da ta ɗumama, ta kuma ɗauki tururi, ta fi ta waje rashin nauyi, sai ta riƙa hawa sama tana fita ta wuyan riga, wata na shigowa ta ƙasa. Wannan ta biyun ba ta da ƙarfi sosai idan zafin gari ya yi kusa da na fata, amma ba ta rasa amfani.

An taɓa gwada wannan a zahiri. A shekarar 1980 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken Amiram Shkolnik da abokan aikinsa a kan Larabawa makiyaya da ke sa baƙaƙen riguna a tsakiyar hamada. Sun tsayar da mutum a rana a hamadar Negev, sau ɗaya da baƙar riga mai yalwa, sau ɗaya da fara. Baƙar ta fi shan zafin rana nesa ba kusa ba, amma zafin da ya isa jikin mutumin ɗaya ne a duka biyun, domin iskar da ke zagayawa a ƙarƙashin rigar tana kwashe rarar kafin ta kai fata. Wancan busasshen zafi ne, kuma rigunan masu kauri ne, saboda haka kada wani ya ɗauka izini ne na sa baƙar tishat a Apapa. Abin da ya nuna shi ne girman aikin da sararin nan ke yi.

Sai dai yalwa kaɗai ba ta isa ba, sai da ƙofa. Iskar da aka kulle ba ta motsi ita ce ke sa bargo ɗumi. Riga mai faɗi wadda aka cusa cikin wando aka ɗaure da bel, aka ɓalle maɓallin wuya, aka ɗaura nakatayel, aka tsuke bakin hannu, ta rasa yawancin amfaninta ko da auduga zalla ce. Shi ya sa 'yar shara, wadda gefenta a buɗe yake tun daga hammata, ta fi kaftani mai tsukakken hannu sanyi ko da daga turmi ɗaya aka yanko su. Teloli na zamani da ke ɗinka kaftani ɗamas a jiki, a matse a ƙirji da damtse, suna sayar wa samari kyan gani ne da kuɗin gumi.

Ita kuwa matsattsiyar riga ba ta da wannan sarari ko kaɗan. Babu abin da zai matso ya ja baya, babu hanyar da iska za ta bi daga ƙugu zuwa wuya. Hanya ɗaya ce ta rage wa gumi, wato ya ratsa ta cikin yadin kansa. Daga nan komai ya koma kan irin zaren da irin saƙar.

Zare da zare

Auduga tsiro ce, kuma sinadarin da aka gina zarenta da shi mai son ruwa ne. Tururi yana shiga cikin silin audugar kansa, ba tsakanin silin da silin kaɗai ba. A ɗakin gwaji mai laima kashi 65 cikin ɗari, auduga tana riƙe ruwan da ya kai kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, kuma in ka taɓa ta ba za ka ji danshi ba. Nailan yana riƙe kusan kashi 4. Foliyesta, wanda shi ne mafi yawan abin da muke kira yadin roba, bai kai rabin kashi ɗaya ba.

Ba abin mamaki ba ne in aka duba asalinsa. Wasu masanan haɗa sinadarai biyu, John Whinfield da James Dickson, su suka samar da wannan zare a Ingila a 1941, kuma daga man fetur ake samun kayan haɗinsa. Robar da ake yin gorar ruwan sha da ita, ita ce dai aka narkar aka ja ta ta zama zare. Yana da kirki ta fuskoki da yawa: ba ya yamutsewa, ba ya saurin koɗewa, yana da arha, yana bushewa da wuri bayan wanki. Amma ruwa ba ya shiga cikinsa.

Ga abin da wannan bambanci ke haifarwa a jiki. Lokacin da gumi ya fara tsatsowa, rigar auduga tana tsotse tururin da ɗigon farko, ta baza su a faɗin yadin, su bushe ta waje. Fata tana daɗewa ba ta yi danƙo ba. A ƙarƙashin foliyesta na gama-gari kuwa, irin na jesin bakin titi da rigunan makaranta masu arha, ɗigon gumi ba shi da wurin shiga. Sai ya zama wani siririn ruwa tsakanin fata da yadi, ya manna su, ya riƙa gangarowa. Wannan santsin mai ɗumi da ake ji a gadon baya, shi ne mutane ke nufi in sun ce riga tana da zafi. Idan kuma an cakuɗa zaren da roba mai talewa don rigar ta kama jiki, an haɗa matsala biyu ke nan wuri guda.

Akwai kuma saƙa. Zaren auduga gajerun silai ne aka murɗa, yana da ɗan gashi-gashi da rashin daidaito, wanda ke hana yadi kwanciya lif a kan fata. Zaren roba sau da yawa dogo ne sumul, ana iya saƙa shi a matse ƙwarai, ya yi sheƙi, ya hana iska ratsawa. Ba banza ba ƙasashen da suka fi fama da zafi mai laima suka shahara da siririyar auduga. Yankin Bengal, inda Dhaka take a Bangladesh ta yau, ya yi ɗaruruwan shekaru yana saƙa yadin auduga shara-shara wanda ya yi suna har Turai.

Lissafin ɗan dako

Bari mu kwatanta da mutum guda. A ce matashi ne mai nauyin kilo 70, yana sauke kwandunan tumatir daga mota a kasuwar Mile 12 ta Legas, a irin ranar da muka ambata, digiri 32 da laima kashi 75. Aiki irin wannan yana iya sa jikinsa samar da zafin wat 400. Tunda iskar ta kusa kai ɗumin fatarsa, ɗan kaɗan ne zai fita ta busasshiyar hanya. Kusan duka sai ta gumi. Wat 400 na tsawon awa ɗaya ya kama kilojul 1,440, wanda in aka raba da 2,400 ya ba da lita 0.6. Wato kowace awa sai ruwan da ya ɗara leda ɗaya ta fiya-wata ya bushe a jikinsa kafin ya tsaya daidai.

Fitar da wannan adadi ba matsala ba ce, wanda ya saba aiki a zafi yana iya yin gumin lita ɗaya ko fiye a awa. Matsalar bushewar ce. In yana sanye da yalwatacciyar taguwa mara nauyi, buɗe a wuya da ƙasa, duk sunkuyon da zai yi ya ɗauki kwando yana sauya masa iskar ciki. In matsattsiyar jesi ce mai matsattsiyar saƙa, ƙirji da ciki da baya, waɗanda suka kai kusan sulusin fatar jiki kuma suke cikin wuraren da suka fi gumi, sun rage aiki. A ƙaddara cewa kashi ɗaya cikin huɗu na sanyayar da yake buƙata ya salwanta, wato wat 100. A awa ɗaya kilojul 360 ya taru a jikinsa. Ɗaga zafin jiki mai kilo 70 da digiri ɗaya yana cin kimanin kilojul 245. Ke nan cikin awa guda zai iya tashi daga digiri 37 zuwa kusan 38 da rabi.

Jiki ba ya zuba ido har a kai can. Zuciya tana ƙara bugu don tura jini zuwa fata, gumi yana ƙaruwa ko da ba ya bushewa, mutum ya ji kasala ya rage sauri, ya nemi wuri ya zauna. Abin da za a gani a zahiri shi ne ɗan dakon ya gaji da wuri, ya sha ruwa fiye da abokinsa, wataƙila ya kwana da ciwon kai. In ya matsa wa kansa, sai jiri, tashin zuciya da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Wanda ya fara ruɗewa ko surutai marasa kan gado a cikin zafi, ba maganar riga ake yi ba kuma: a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa mai sanyi ana fifita, a garzaya da shi asibiti.

Ƙuraje da wari

Fatar da ta wuni a jiƙe tana kumbura, ƙananan ƙofofin da gumi ke fitowa su toshe, gumin ya maƙale a ciki. Daga nan ƙurajen zafi ke fitowa, masu ƙaiƙayi da tsikari, kuma an fi ganin su daidai inda tufa ke matsewa: wuya, ƙugu, hammata, ƙarƙashin ƙirji, da bayan jaririn da aka goya cikin kayan roba. Wurin da ƙurajen suka cika ba ya yin gumi yadda ya kamata, sai zafin ya daɗa yawa. Hoda tana ɗan taimakawa, amma maganin farko shi ne fatar ta sha iska.

Wari ma yana da nasa dalilin. Foliyesta ba ya son ruwa amma yana son maiƙo, yana kama maiƙon jiki ya riƙe, har wanki ba ya fitar da shi duka. Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun buga wani gwaji a 2014, inda suka karɓi rigunan mutanen da suka yi awa ɗaya suna motsa jiki a kan keke, suka ajiye su kwana guda, sannan aka shinshina. Na foliyesta sun fi na auduga wari, kuma an samu wasu ƙwayoyin halitta masu jawo wari sun fi yaɗuwa a kansu. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya da yamma bai buƙaci jami'a ta faɗa masa ba, amma yanzu an san sababin.

Inda auduga ke gazawa

Kada a ɗauka duk abin da aka kira auduga sanyi ne da shi. Wandon jins auduga ne, amma nauyinsa ya ninka na boyel sau huɗu ko biyar, saƙarsa kuma a toshe take. Shadda mai kyau ma auduga ce, sai dai an saƙa ta a matse, an danne ta don ta yi sheƙi, mu kuma mu ƙara mata sitaci da bugu, mu sa mata shafi, mu cika ƙirjinta da aiki. Abin da ke ceton mai babbar rigar shadda yalwar ɗinkin ce, ba zaren ba. Sabuwar atamfa kuma sai an wanke ta sau da dama, sitacin kamfani ya fita, kafin ta fara shan gumi yadda ya kamata.

Babban aibin auduga shi ne wanda ya fito daga alherinta. Tana shan ruwa, kuma tana jinkirin sakin sa. Idan gumi ya fi ƙarfinta ta jiƙe jagab, silanta suna kumbura, ramukan saƙar su cike da ruwa, ta yi nauyi ta manne a jiki. Matsattsiyar tishat ta auduga mai kauri, in ta kai wannan hali, ba ta fi ta roba da komai ba, wani lokaci ma ta fi ta muni. Shi ya sa ake haɗa sharuɗɗa uku tare: auduga, mara nauyi, mai yalwa. Siririn yadi ba ya riƙe ruwa da yawa, saboda haka yana bushewa da wuri, mai yalwa kuma ba ya taɓa fata a ko'ina balle ya jiƙe gaba ɗaya.

Haka nan ba duk roba ce abin gudu ba. Rigar da ƙwararrun 'yan ƙwallo ke sawa foliyesta ce, amma an siffanta zarenta da ƙananan kwaruruka, an yi mata wani gyara da ke sa ta ja gumi daga fata ta baza shi a waje, an kuma bar ƙananan huji a saƙar. Ga mai gudu a fili, wanda gudunsa ke samar masa da iska, kuma zai tuɓe ta bayan minti casa'in, wannan riga ta fi jiƙaƙƙiyar auduga. Amma mai zama a shago, ko a aji, ko cikin cunkoson motoci, ba shi da wannan iskar. Kuma yawancin jesin da ake sayarwa a bakin hanya kamannin kawai suka ɗauko, ba aikin ba. A ra'ayina, in aka ba mutum zaɓi tsakanin yalwatacciyar rigar roba mai sakakkiyar saƙa da matsattsiyar auduga mai kauri, ya ɗauki ta farkon.

Abu biyu kuma ya kamata a kiyaye. Siririn farin yadi ba ya tare hasken rana mai ƙona fata sosai, don haka zabiya da masu wuni a rana suna buƙatar yadi mai ɗan cika da hula mai faɗi. Kusa da wuta kuwa kowanne da haɗarinsa: yalwataccen hannu yana saurin lasar wuta, ita kuma roba narkewa take ta manne a fata. Mai girki ta naɗe hannun rigarta, ta kuma ajiye hijabin roba kafin ta sunkuya kan murhu.

Yadda za a gane a kasuwa

Ba kowane abin da aka rubuta a bakin yadi ne gaskiya ba, kuma yawancin yadin da ke Kantin Kwari da sauran kasuwanni gauraye ne, wani rabi auduga rabi roba, wani ma robar ta fi yawa. Ido kaɗai ba ya rabewa, amma akwai gwaji masu sauƙi. Ɗaga yadin ka dubi haske ta cikinsa, sannan ka kara shi a baki ka hura, tafin hannunka na ɗaya gefen. In ka ji iskar ta iso ba tare da ka yi nishi ba, saƙar a buɗe take. Damƙe gefensa a hannu ka saki: auduga tana yamutsewa ta zauna haka, roba tana miƙewa. Ɗiga masa ruwa: wankakkiyar auduga tana shanyewa nan take, tabon ya bazu, a kan roba ɗigon yakan tsaya ya yi ƙwallo. Wannan na ruwa yana iya yaudara a sabon yadi saboda sitaci.

Wanda ba ya ƙarya shi ne na wuta, kuma tsofaffin 'yan Kwari da teloli sun san shi. A zare 'yan silai daga bakin yadi, a riƙe da almakashi nesa da sauran kaya, a kusanta ashana. Auduga tana kamawa ta ci da sauri, warinta na ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa a yatsa. Roba tana janyewa daga wutar, ta narke, ta yi warin leda, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Gauraye yakan ba da duka biyun, toka da ɗan dunƙule.

Bayan an samu yadin, saura tela. A ce masa ya bar sarari a ƙirji da hammata yadda hannu zai shiga tsakanin riga da jiki ba tare da ja ba, ya tsaga gefe, ya saki wuya, kada ya sa shafin roba. Wannan na ƙarshe shi ne inda aka fi yin asara, musamman a ɗinkin mata: a sayi atamfa mai tsada ta auduga zalla, a shafe cikinta da yadin roba mai santsi, ya zama robar ce ke taɓa fata. Haka singileti da siket na ciki da ɗankwalin ƙarƙashin hijabi. Abin da ke manne da fata shi ya fi cancantar a kashe wa kuɗin auduga, kuma iyaye da shugabannin makarantu su tuna da haka ranar da za su zaɓi yadin da yara za su wuni a ciki a aji mai rufin kwano.